Sabon janareta a littafin lissafi: kuɗin kashewa ne ko kafaffiyar kadara? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kasuwanci da masu riƙe littafi suka fi yi idan an sayo sabon janareta, rasit yana kan tebur, ana tunanin inda za a shigar da shi. Mun bi su da misali guda ɗaya tun daga saye har zuwa sayarwa. Alƙaluman misalin don lissafi ya fito fili kawai aka zaɓe su, ba farashin kasuwa ba ne, sai ka ɗauke su a kuɗin da kake ciniki da shi.

Mun sayi janareta don wurin sana'a. A ina za mu rubuta shi?

A mafi yawan lokuta kafaffiyar kadara ce. Abin da ke yanke hukunci tambayoyi biyu ne: me aka saye shi ya yi, kuma tsawon wane lokaci zai yi yana yin sa. Idan an saye shi ne don ya ba wurin sana'a wuta, kuma ana sa ran zai wuce shekarar lissafi ɗaya yana aiki, to ya shiga jerin kadarori tare da motoci da injina da kayan ofis. Ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa da ta shafi wannan ita ce IAS 16, ƙanana da matsakaitan kamfanoni kuma suna samun kusan abu ɗaya a sashe na 17 na IFRS for SMEs. Dukkansu sun ƙara sharaɗi biyu: ya kasance ana kyautata zaton kasuwancin zai amfana da abin nan gaba, kuma a iya sanin kuɗinsa da tabbaci. Janareta mai rasit ya cika duka biyun.

Kuɗin kashewa kuwa shi ne abin da amfaninsa ke ƙarewa a cikin lokacin da aka kashe shi. Man da ka zuba wa janaretan wannan watan ya ƙone, ba ka da shi kuma. Janaretan kansa yana nan, watan gobe zai yi aiki, baɗi ma haka.

Akwai hali ɗaya da amsar ke canzawa gaba ɗaya. Idan sana'arka sayar da janareta ce, waɗanda ka jera don masu saye haja ce, kuma IAS 2 ce ke tafiyar da su. Wanda ka ɗauka daga cikinsu ka girka don ya ba shagon wuta shi kaɗai ne zai tashi daga haja ya koma kadara, a kan kuɗin da aka sayo shi. Wanda kake ba mutane haya shi ma kadara ce, domin ba sayar da shi kake nufin yi ba.

Ƙarami ne, na ɗauka da hannu. Shi ma sai an yi masa duk wannan hidimar?

Ba lallai ba. Kowane kasuwanci yana iya kafa wa kansa iyakar kuɗi: abin da bai kai ta ba a rubuta shi kuɗin kashewa nan take, ko da zai shekara uku yana aiki. Dalilin shi ne ƙaramin abu ba ya canza hoton riba, kuma wahalar bin sa shekara da shekaru ta fi amfaninta. IAS 16 ba ta faɗi adadin wannan iyaka ba. Kai da akantanka ne za ku tsayar da ita gwargwadon girman kasuwancin, don haka janaretan da babban kamfani zai share a wata ɗaya yana iya zama kadara mafi tsada a wurin mai shagon ɗinki.

Abin da muke jaddadawa shi ne a rubuta iyakar a takarda kafin a yi sayayya, kuma a bi ta kowace shekara ba sauyi. Matsala tana tasowa ne idan bana an ga riba ta yi yawa aka share janareta a matsayin kashewa, baɗi kuma riba ta yi ƙasa aka mai da irinsa kadara. Odita, wato mai binciken littafin lissafi, yana gano wannan da wuri, kuma da zarar ya gano zai fara shakkar sauran littafin.

A kula da sayen da yawa lokaci guda. Ƙananan janareta ashirin da aka saya don rassa, kowanne yana ƙasa da iyaka, amma jimillarsu babban kuɗi ce. Ya fi dacewa a haɗa su a ɗauke su kadara.

Nawa zan rubuta a matsayin kuɗin janaretan? Abin da ke kan rasit kaɗai?

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma ta ɓangarori biyu: wasu suna barin abin da ya kamata ya shiga, wasu suna cusa abin da bai kamata ba. Ma'aunin shi ne, duk kuɗin da aka kashe kai tsaye don janaretan ya iso wurinsa kuma ya zama a shirye ya yi aiki, yana cikin kuɗin kadarar. Abin da aka kashe don gudanar da shi bayan ya zama a shirye ba ya ciki.

A ɗauka wani ƙaramin kamfani ya sayi janaretan dizal mai ƙarfin 30 kVA. Farashinsa 5,000,000, dila ya yi rangwamen 200,000, aka biya 4,800,000. Daga 4,800,000 ake farawa, domin rangwame ana cire shi daga kuɗin kadara ne, ba a rubuta shi daban kamar wata riba. Dako da saukewa sun ci 120,000. An zuba dandamalin siminti da zai zauna a kai, 250,000. Wayoyi da makunnin sauya layi da ladan mai aikin lantarki sun kama 380,000. Sannan aka yi gwajin farko, aka ɗora masa lodi don a tabbatar yana ɗauka, man gwajin da ladan injiniya suka tashi 50,000. Idan aka tara, kuɗin janaretan a littafi 5,600,000 ne.

A makon ne kuma aka kashe wasu kuɗaɗen da suke kama da na janareta amma ba nasa ba ne. An cika tanki da dizal na 300,000 don aikin yau da kullum. An biya 40,000 aka koya wa ma'aikaci yadda ake kunnawa da kashewa da duba baƙin mai. An biya 180,000 na yarjejeniyar sabis ta shekara guda. Dizal kuɗin gudanarwa ne, ana kashe shi yayin da yake ƙonewa. Koyar da ma'aikaci kuɗin kashewa ne, domin ilimin yana kansa, gobe yana iya barin aiki ya tafi da abinsa. Yarjejeniyar sabis kuɗi ne da aka biya tun kafin lokaci, sai a riƙa cire 15,000 duk wata har shekara ta cika. Inshora ma haka ake yi mata, sai dai inshorar da ta rufe janaretan a kan hanya kafin ya iso, wadda ita tana cikin kuɗin kawo shi.

Haraji yana buƙatar kulawa. Kuɗin kwastan da duk harajin saye da ba za a mayar maka ba suna shiga kuɗin kadara. Harajin da doka ta ba ka damar karɓowa ko cire shi daga wanda za ka biya ba ya shiga, domin bashi ne da kake bin hukuma.

Idan dila ya ba ka takarda ɗaya da jimilla ɗaya, ya haɗa inji da girkawa da sabis na shekara, ka nemi ya rarrabe maka tun kafin ka biya. Bayan wata shida samun wannan rarrabewar yana da wuya.

Yaya shigarwar take a littafi?

Ranar saye, asusun kadarori na injina yana samun debit na 4,800,000, wato shigarwa a gefen hagu na asusu, asusun banki ko na mai bin bashi yana samun kiredit na adadin, wato shigarwa a gefen dama. Dako da dandamali da wayoyi da gwaji kowanne idan an biya shi ana yi masa debit a wannan asusun na kadara, ba a asusun sufuri ko na gyare-gyare ba, har jimillar ta kai 5,600,000. Mai shigar da rasit yana ganin kalmar dako sai hannunsa ya tafi asusun sufuri, shi ya sa yake da kyau a haɗa duk takardun janaretan a fayil ɗaya kafin a fara shigarwa.

Bayan haka sai a buɗe masa layi a rajistar kadarori: sunan kamfanin da ya ƙera shi, lambar da ke jikin farantinsa, ƙarfinsa, ranar saye, ranar da ya zama a shirye, wurin da yake, jimillar kuɗi, shekarun da aka ƙiyasta masa, da abin da ake sa ran samu idan an gama da shi. A rubuta abin da mitar awanni ke nunawa ranar farko, za a buƙace shi nan gaba.

Idan ban rubuta shi kashewa ba, ta ina kuɗin zai taɓa riba?

Ta hanyar raguwar daraja. Kuɗin janaretan ana rarraba shi ne a kan shekarun da zai yi wa kasuwancin hidima, kowace shekara ta ɗauki rabonta. Ana buƙatar abubuwa uku: kuɗinsa, tsawon lokacin da za ka yi amfani da shi, da abin da za ka samu a kansa idan lokacin ya cika.

A misalinmu kamfanin ya ƙiyasta shekara 8, kuma yana ganin janareta irin wannan da ya yi shekara 8 za a saye shi a 800,000. Sai a cire 800,000 daga 5,600,000, ya rage 4,800,000. A raba gida 8, kowace shekara ta ɗauki 600,000, wato 50,000 a wata. Duk wata ana yin debit na 50,000 a asusun raguwar daraja, wanda kuɗin kashewa ne, da kiredit na 50,000 a asusun tararriyar raguwar daraja, wanda ake cirewa daga kuɗin kadarar. Asusun kadarar kansa yana nan a 5,600,000, ba a taɓa shi.

Shekarun ba daga littafin masu ƙera inji kaɗai ake ɗauko su ba. Abin da ake nema shi ne tsawon lokacin da kai za ka yi amfani da shi. Janaretan da ke kwana yana aiki a wuri mai ƙura da zafi ba zai kai wanda ake kunnawa sau biyu a wata ba, ko da iri ɗaya ne. Idan kuma ka san bayan shekara huɗu za ka sauya shi da babba saboda aiki na ƙaruwa, shekara huɗu ce taka, sai abin da za ka samu a ƙarshe ya fi yawa.

Ga janareta akwai wata hanya da muke ganin ta fi kusa da gaskiya a wuraren da aikinsa ke hawa da sauka, ita ce lissafi da awanni. Idan an ƙiyasta zai yi awa 20,000, sai a raba 4,800,000 da 20,000, kowace awa ta ci 240. Shekarar da mita ta nuna awa 1,500, raguwar daraja 360,000 ce. Shekarar da ya yi awa 3,000, ta zama 720,000. Sharaɗinta shi ne mitar tana aiki kuma akwai wanda ke karanta ta duk ƙarshen wata. Inda babu wannan tsari, rabon daidai-wa-daida ya fi aminci.

Ƙiyasi yana iya sauyawa, kuma IAS 16 ta ce a sake duba shi aƙalla duk ƙarshen shekara. Idan aka ga janaretan yana shan aiki fiye da yadda aka zata, ba a komawa baya a gyara shekarun da suka wuce. Ana ɗaukar darajar da ta rage a littafi, a cire abin da za a samu a ƙarshe, a raba a kan sabbin shekarun da suka rage.

Daga yaushe ake fara lissafin? Ranar da na biya?

Daga ranar da ya zama a shirye ya yi aiki. A misalin an biya ranar 10 ga Maris, amma dandamali bai bushe ba, wayoyi ba su kammala ba sai ƙarshen watan, aka yi gwaji ya zama a shirye ranar 1 ga Afrilu. Idan shekarar lissafi tana ƙarewa a Disamba, shekarar farko wata 9 ce, raguwar daraja 450,000, darajarsa a littafi a ƙarshen shekara 5,150,000.

Shiri ake dubawa, ba kunnawa ba. Janaretan ko-ta-kwana da aka girka amma wuta ba ta ɗauke ba har wata uku, raguwar darajarsa ta riga ta fara, domin zamansa a shirye shi ne hidimar da aka saye shi ya yi. Haka kuma ba a dakatar da lissafin don an ajiye shi ba a kunnawa, sai dai idan da awanni ake lissafi, inda watan da bai yi aiki ba ba ya ɗaukar komai.

To idan na rubuta shi kashewa gaba ɗaya, wace illa ce? Ai kuɗin dai ya fita.

Kuɗin ya fita daga banki, gaskiya ne, kuma lissafin shige da ficen kuɗi zai nuna hakan ko ta wace hanya aka bi. Amma lissafin riba da asara wata tambaya yake amsawa daban: nawa aka ci a wannan shekarar don samun cinikin wannan shekarar.

A ce kamfanin nan ya samu ribar 4,000,000 kafin a sa batun janareta. Idan an yi daidai, za a cire 450,000, riba ta zama 3,550,000. Idan an share 5,600,000 gaba ɗaya, littafi zai nuna asarar 1,600,000 a shekarar da kasuwa ta yi kyau. Daga nan kuma kowace shekara riba za ta fito da ƙarin 600,000 da ba gaskiya ba, kamar wutar kyauta ake samu.

Illar tana bayyana a wurare da dama. Banki yana duba takardun ya ga asara, ya kuma ga babu injin a jerin kadarori, sai neman rance ya yi wuya. Abokin tarayya da ya fita a shekarar farko an tauye masa rabo, wanda ya shigo a ta biyu ya ci abin da ba nasa ba. Wadda ta fi yi wa mai kasuwanci lahani a ɓoye ita ce ta farashi: idan ba ka ga 50,000 ɗin nan duk wata a lissafinka ba, za ka riƙa yanka farashin kayanka kamar dizal ne kaɗai kuɗin wuta, sai ranar da janaretan ya mutu ka tarar cinikin bai taɓa biyan kuɗinsa ba. Kayan da ba ya cikin rajista kuma ba a ƙirga shi ƙarshen shekara, don haka ɓacewarsa ba ta barin alama a littafi.

Canjin baƙin mai da filta da batir fa? Garambawul kuma fa?

Sabis na yau da kullum kuɗin kashewa ne: baƙin mai, filtar mai da ta iska, bel, ruwan lagireto, batir, ladan makaniki. Waɗannan suna riƙe janaretan ne a yanayin da aka riga aka ƙiyasta masa, ba sa ƙara masa komai. Gyaran da ya mai da shi yadda yake kafin ya lalace shi ma kashewa ne, ko da kuɗin ya yi zafi.

Babban aiki daban ne. Idan bayan dubban awanni aka sauke injin aka yi masa cikakken garambawul wanda zai ba shi ƙarin shekaru, ko aka sauya altaneta, wato ɓangaren da ke samar da wutar, ɗungurungum, wannan kuɗin yana hawa kan kadara. Amma akwai rabin aikin da ake mantawa: dole a cire darajar tsohon ɓangaren da ta rage a littafi, a rubuta ta asara. In ba haka ba littafi zai nuna altaneta biyu alhali guda ce a jikin injin. Idan ba a san kuɗin tsohuwar ba, ana iya ɗaukar kuɗin sabuwar a matsayin ma'auni, a ƙiyasta abin da tsohuwar ta kama tun farko, a cire raguwar darajar da ta riga ta yi.

Saboda wannan ne a manyan janareta ake rarraba kadarar tun ranar farko, inji daban, altaneta daban, tanki da rumfa daban, kowanne da shekarunsa. Ga janaretan 30 kVA a ƙaramin kamfani ba mu ganin ya cancanci wahalar, sai dai a adana takardar da ta nuna kuɗin kowane ɓangare idan dila ya bayar.

Ƙari kamar akwatin rage ƙara ko makunni mai sauya layi da kansa, idan ya kai iyakar da ka kafa, kadara ce. Filtoci da bel da ka saya ka ajiye a sito kuwa kayan ajiya ne har ranar da aka ɗaura su.

Da bashi muka saya, muna biya kaɗan-kaɗan. Sai mun gama biya zai zama kadararmu?

A'a. Tun ranar da ya shigo hannunka kana iko da shi ake rubuta shi kadara da cikakken kuɗinsa, bashin kuma a rubuta shi a ɓangaren basussuka. Kuɗin da za a rubuta shi ne farashin biya nan take. Idan na hannu 4,800,000 ne amma biyan kashi-kashi zai kai 5,400,000, bambancin 600,000 kuɗin jinkirin biya ne, ana kashe shi a hankali a tsawon lokacin bashin, ba ya hawa kan janareta. Kuskuren da ake yawan gani shi ne a riƙa rubuta kowane kashi na wata a matsayin kuɗin kashewa. Kowane kashi gida biyu ne: wani ɓangare yana rage uwar bashi, wani kuma kuɗin jinkiri ne, kuma na biyun ne kaɗai ke shiga lissafin riba da asara.

Janaretan da aka yi haya na mako biyu don wani aiki kuɗin kashewa ne kai tsaye. Hayar shekaru tana da ƙa'idarta daban, IFRS 16, kuma ya kamata akanta ya karanta yarjejeniyar kafin a shigar da komai.

Hukumar haraji za ta yarda da raguwar darajar da na lissafa?

Lissafin littafi da na haraji hanyoyi biyu ne. A ƙasashe da yawa hukuma ba ta karɓar raguwar darajar da kamfani ya ƙiyasta wa kansa. Tana mayar da ita kan riba, sannan ta ba da nata rangwamen na kadarori bisa kason da dokarta ta tsayar. Wasu dokokin kuma suna ba da damar cire kuɗin kadara gaba ɗaya a shekarar farko. Ko da dokar ƙasarka ta ba da wannan damar, a takardar haraji ake amfani da ita, littafin kamfani yana ci gaba da nuna janaretan a matsayin kadara. Wanda ya ɓoye shi cikin gyare-gyare don ya rage haraji, idan bincike ya zo za a fitar da shi, kuma galibi akwai tara a kai. Rasit mai sunan kasuwancin da shaidar biya su ne abin da za a fara nema.

Da rana yana ba shago wuta, da dare gida. Na waye?

Idan kamfani ne mai rajista ya saya da kuɗinsa, kadarar kamfani ce, amfanin da gida ke yi kuma a ƙiyasta shi a rubuta a asusun mai kamfanin. Idan kai kaɗai ne mai sana'ar, ka duba inda aka fi amfani da shi. Wanda galibin aikinsa na sana'a ne ya shiga littafi, a riƙa ware kason gida na mai da na raguwar daraja a matsayin abin da mai sana'a ya ɗiba. Wanda aka saya don gida da kuɗin shago ba kadarar shago ba ce kuma ba kashewarsa ba ce, ɗiban mai sana'a ne gaba ɗaya. Mitar awanni da ɗan littafin kunnawa da kashewa suna sauƙaƙa wannan rabon.

Mun riga mun rubuta shi kashewa. Yaya za mu gyara?

Idan shekarar ba ta rufe ba, abu ne mai sauƙi: debit na 5,600,000 a asusun kadara, kiredit a asusun ko asusan kashewar da aka zuba kuɗin, sannan a lissafa raguwar daraja tun daga 1 ga Afrilu. A bi diddigin dako da dandamali da wayoyi, domin yawanci sun watsu a asusai daban-daban.

Idan shekarar ta rufe kuma adadin babba ne, ba a cusa gyaran cikin ribar bana. IAS 8 ta ce a koma a gyara alƙaluman shekarar da aka yi kuskuren. A misalinmu, kadara tana samun debit na 5,600,000, tararriyar raguwar daraja kiredit na 450,000, tararriyar riba kuma kiredit na 5,150,000, sannan a yi bayanin gyaran a takardun ƙarshen shekara. Tun da ribar bara ta canza, takardar harajin bara ma tana iya buƙatar gyara.

Idan mun sayar da shi, ko ya ƙone, ko an sace fa?

Ana fitar da shi daga littafi, kuɗinsa da tararriyar raguwar darajarsa duka, a kwatanta abin da ya rage da abin da aka samu. A ce an sayar da janaretan nan a ƙarshen shekarar lissafi ta huɗu. Raguwar da ta taru ita ce 450,000 ta shekarar farko da 600,000 sau uku, jimilla 2,250,000, darajarsa a littafi 3,350,000. An sayar a 3,000,000, don haka akwai asarar 350,000. Kuɗin da aka karɓa ba ya shiga cinikin yau da kullum, bambancin ne kaɗai ke bayyana a lissafin riba da asara.

Idan an sace shi ko ya ƙone ƙurmus a ƙarshen shekara ta huɗun, duk 3,350,000 ɗin asara ce a lokacin da abin ya faru. Diyyar inshora ana rubuta ta daban, a lokacin da ta tabbata za a biya, ba ranar da aka shigar da buƙata ba. Idan kuwa ya lalace ne sosai amma yana nan, misali ruwa ya shiga injin, sai a ƙiyasta abin da za a iya samu daga gare shi, ta hanyar sayarwa ko ta ci gaba da aiki da shi, a ɗauki wanda ya fi yawa. In bai kai darajar littafi ba, a rage darajar zuwa wannan adadin kamar yadda IAS 36 ta tsara, raguwar darajar watanni masu zuwa kuma a lissafa ta a kan sabon adadin.